Ciwon maƙogwaron da ba a kwana da shi a gida

Tambaya: Likita, yarana uku ne, babban yana da shekara bakwai, auta shekara biyu, kuma duk hunturu sai sun yi fama da ciwon maƙogwaro. Na saba ba su farasitamol da ruwan ɗumi da zuma, bayan kwana uku su warware. To, a watan jiya ɗan maƙwabciyata ya wayi gari da ciwon wuya, kafin asubar washegari ya rasu a hanyar asibiti. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ta yaya zan bambanta wanda zan yi jinyarsa a gida da wanda zan ɗauka a guje?

Amsa: Allah ya ba iyayensa haƙuri, ya sa mai ceto ne. Hajiya, abin da kike yi wa yaranki daidai ne a mafi yawan lokuta, domin galibin ciwon maƙogwaro ƙwayoyin cutar mura ne ke kawo shi, yana zuwa tare da majina da tari da atishawa, kuma yakan lafa da kansa cikin mako guda ko ƙasa da haka. Zumar kawai zan yi miki togaciya a kanta, cewa ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Abin da ke raba ciwon da ake jinya a gida da wanda ke kisa cikin dare ɗaya shi ne ko hanyar da iska da abinci suke bi ta fara tsukewa. Tsananin zafin ciwon da ƙarfin zazzaɓin ba sa ba da wannan labari. Yaro yana iya kuka da ƙarfi, jikinsa ya yi zafi rau, amma yana shan ruwa yana magana da muryarsa ta kullum, wannan yana iya jira gari ya waye. Wani kuma zai zauna shiru bai ce uffan ba, alhali saura masa sa'o'i kaɗan.

Dalilin saurin abin yana cikin halittar yaro. Bututun iskar jariri, a wurin da ya fi ƙunci, faɗinsa bai wuce kamar milimita 4 ba, wato kusan kaurin tsinken shan lemo. Idan bangonsa ya kumbura da milimita 1 kacal ta kowane gefe, faɗin ya koma milimita 2, kuma ƙofar da iska za ta bi ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na yadda take. Kumburi daidai wannan a wuyan babba ba zai wuce ya sa shi jin nauyi a maƙogwaro ba. Shi ya sa abin da uba zai jure kwana biyu yana zuwa kasuwa, ɗansa ba zai kai safiya da shi ba.

Alamar da na fi so ki riƙe ita ce dalalar miyau, domin ita ce ake gani da ido tun kafin numfashi ya ɓaci, kuma ita ce aka fi rainawa. Bakin mutum yana samar da miyau dare da rana, babba yakan yi lita guda ko kusa da haka a yini, kuma muna haɗiye shi ba tare da mun sani ba. Idan kika ga miyau yana zuba daga bakin yaron da ya riga ya wuce shekarun dalala, ko babba yana riƙe da tsumma ko gwangwani yana tofarwa a kai a kai, miyan bai ƙaru ba, haɗiyewa ce ta gagara. Wanda ya kasa haɗiye miyansa kuwa, ko dai zafin ya kai matuƙa, ko kuma akwai kumburin da ya tare hanya, kuma hanyar abinci da ta iska a wuri ɗaya suke farawa. Dalalar mai haƙori daban ce: jariri ne ko ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni, yana wasa, yana tauna duk abin da ya samu, yana kama nono yana haɗiyewa. Gwajin gida mai sauƙi shi ne ki miƙa wa yaron kofin ruwa ya sha da kansa. Idan ya kurɓa ya haɗiye ko da yana yamutsa fuska, hanya a buɗe take. Idan ya kau da kai alhali leɓensa a bushe, ko ya kurɓa ruwan ya dawo ta baki ko ta hanci, kada ki matsa masa, ki nemi abin hawa.

Murya ita ce ta biyu, kuma a nan mutane suna haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai dishewar murya, irin ta mai mura ko ta wanda ya kwana yana ɗaga murya a wurin biki, wadda ke fitowa a shaƙe da kaushi. Wannan daga igiyoyin murya take, kuma ita kaɗai ba ta cika zama abin gaggawa ba, sai dai idan ta wuce mako uku a babba, musamman mai shan taba, a je likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa. Ɗayar kuwa murya ce da ta toshe ta yi kauri, kamar ta wanda ya cika bakinsa da lomar tuwo mai zafi yana ƙoƙarin magana bai haɗiye ba. Sautin yana fita amma kalmomin ba sa rarrabuwa. Wannan tana nuna cewa akwai abin da ya kumbura a sama da igiyoyin muryar, a bayan harshe ko a gefen maƙogwaro, ya cike sararin da sauti ke bi. Uwa takan riga kowa jin wannan canji, kuma idan ta ce mini “muryarsa ba tasa ba ce,” na fi yarda da ita a kan abin da kunnena ya ji.

Numfashi shi ne na ƙarshen bayyana. Ki cire wa yaron riga ki duba ramin da ke gindin wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa: idan fatar wurin tana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, yana kokawa ne da ƙofar da ta tsuke. Ki saurara kuma. Ƙara mai kaushi, wani lokaci kamar fito, da ke fita a lokacin jan iska ciki, daga wuya take, ta bambanta da fiton mai asma wanda ke fita daga ƙirji a lokacin fitar da iska. Idan ana jin ta yaro yana zaune lafiya lau ba kuka yake ba, abin ya riga ya yi nisa. Kina iya ƙirga numfashi na minti ɗaya cikakke: 50 ko fiye ga mai wata biyu zuwa shekara ɗaya, 40 ko fiye ga mai shekara ɗaya zuwa biyar, ya yi sauri. Akwai wata yaudarar da ta ci rayuka da yawa, wato yaron da ya daɗe yana wannan ƙara sai ta yi ƙasa, jikinsa ya saki, ya fara gyangyaɗi, iyaye su ce alhamdu lillahi ya samu barci. Sau da yawa gajiya ce ta cinye shi, iskar da ke wucewa ta yi ƙarancin da ba ta iya yin ƙara. Canjin launin leɓe da harshe zuwa toka ko shuɗi alama ce ta ƙurewar lokaci, bai kamata a jira ta ba.

Bari in ba ki labarin wani yaro, domin ki ga yadda waɗannan alamomi suke jeruwa a cikin yini ɗaya. Shekararsa huɗu. Da safe ya ce wuyansa na ciwo, ya ƙi shan koko. Da azahar zazzaɓi ya rufe shi, aka je kemis aka karɓo maganin maleriya da amoksisilin na ruwa, aka ɗura masa ya dawo da shi. Da magariba uwar ta lura gaban rigarsa ya jiƙe sharkaf, kuma duk lokacin da ta kwantar da shi sai ya yunƙura ya tashi zaune. Bayan isha suka iso wurinmu. Yana zaune a cinyar mahaifinsa, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, ya sunkuyo gaba, ya miƙa haɓa sama kamar mai shinshina wani abu, baki a buɗe, miyau na tsiyaya. Ba ya tari ko kaɗan, ba ya kuka, idanunsa kawai ke bin mutane. Na'urar da muke maƙalawa a yatsa ta nuna iskar oksijin a jininsa 96 cikin 100, adadin da zai sa wanda bai sani ba ya ce lafiya lau, alhali wannan adadi ba ya faɗuwa sai hanya ta kusa rufewa gaba ɗaya.

Kakarsa ta matso ta ce, “Likita, ka buɗe bakin ka gani mana, beli ne ya sauko masa, da na so a kira wanzami tun da rana.” Na ce mata, “Inna, ki yi haƙuri, ba za mu taɓa bakinsa a nan ba.” Abin da na yi zato, kuma ya tabbata, shi ne kumburin murfin maƙoshi. A bayan tushen harshe akwai wani ɗan guringuntsi mai siffar ganye, likitoci na ce masa efigilotis, aikinsa ya rufe bututun iska idan ana haɗiya don kada abinci ya sarƙe mutum. Idan ƙwayar bakteriya ta kama shi, yakan kumbura cikin sa'o'i ya zauna a bakin bututun kamar marfin tulu. Zaman da yaron ya yi na sunkuyo gaba shi ne yake ɗage marfin kaɗan iska na wucewa. Danna harshensa da cokali, ko kwantar da shi rigingine, ko sa shi kuka da allura, kowanne yana iya sa marfin ya faɗa ya rufe ruf.

Saboda haka ba mu ɗebi jininsa ba, ba mu sa masa ƙarin ruwa ba, ba mu tura shi hoto ba. Mun bar shi a cinyar uban, uwar ta riƙe robar oksijin kusa da fuskarsa ba tare da ta ɗaura masa ba, muka kira likitan sa barci da likitan maƙogwaro. A ɗakin tiyata aka sa shi barci da iskar shaƙa yana zaune, likitan maƙogwaro na tsaye da kayan huda wuya idan bututu ya ƙi shiga. Yaro mai shekara huɗu bututu mai faɗin milimita 5 ake sa masa, wannan sai na 4 ya wuce, kuma murfin da muka gani ya yi jajir ya tasa kamar ɗan ƙaramin tumatir. Sai a sannan aka sa masa allurar jijiya aka fara seftirayakson. Bayan kwana biyu kumburin ya saɓe aka zare bututun, kafin mako ya zagayo yana cin tuwo. Da na nemi katin rigakafinsa, allurar haihuwa ce kawai a ciki. Ƙwayar da ta fi kawo wannan ciwo ga yara, wadda ake kira Hib, tana cikin cututtuka biyar da allurar Penta ke karewa, wadda ake yi a mako 6 da 10 da 14, kuma Najeriya ta shigar da ita cikin rigakafin yara tun 2012.

Manya ma kumburin murfin maƙoshi yana kama su, musamman masu ciwon sukari, sai dai yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya tsananta. Abin lura a wurinsu shi ne mutum ya ce haɗiya kamar ana yanka shi, muryarsa ta toshe, a haska bakinsa da tocila a ga ba wani abin a zo a gani. Rashin ganin komai tare da ciwo mai tsanani haka yana nufin matsalar tana can ƙasa inda tocila ba ta kaiwa.

Akwai kuma wani ciwon da yake kama da wannan amma ya fi sauƙi, kuma ya fi yawa a tsakanin wata shida zuwa shekara uku. Yaro yana mura kwana biyu, sai cikin dare ya tashi da tari mai amo kamar haushin kare, murya a dishe. Wannan yana haɗiye miyansa, yana iya kwanciya. Idan ƙarar jan iska tana fita ne kawai lokacin da yake kuka, a lallashe shi a kai shi asibiti da safe. Idan tana fita yana zaune shiru, ko ƙirjinsa na lotsawa, a tafi a daren.

Ga matasa da manya, abin da na fi gani shi ne maruru a gefen maƙogwaro. Ciwon yakan fara kamar na kullum a tsokoki biyun nan na gefe da ake kira tonsil, sai bayan kwana uku ko huɗu ya tattara ya koma ɓangare ɗaya, ya riƙa harbawa zuwa kunnen wannan ɓangaren. Mugunya ce ta taru a bayan tsokar. Mutum yana tofar da miyau, bakinsa na wari, muryarsa ta zama irin ta mai lomar tuwo, sannan muƙamuƙinsa ya riƙe. Lafiyayyen baki yana ɗaukar yatsu uku na mai shi a jere tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, idan biyu ma sun ƙi shiga, a je asibiti a ranar. In an samu an leƙa, za a ga beli ya karkace zuwa gefen da ke lafiya, kumburin ya ture shi. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi ba ni takaici, domin ganin belin ya kumbura ya kauce daga tsakiya sai a ce shi ne ciwon, a kira wanzami ya yanke. Belin ba shi da laifi. An bar mugunyar inda take, an ƙara wa mara lafiya rauni mai zubar da jini a maƙogwaron da ya riga ya tsuke, ga haɗarin tetanus daga askar. Maganinsa a asibiti aikin 'yan mintoci ne: a kashe zafin wurin, a zuƙe mugunyar da sirinji ko a ɗan tsaga, a bi da maganin kashe bakteriya, kuma sau da yawa mutum yana samun sassauci tun kafin ya tashi daga kujerar.

Irin wannan taruwar mugunya tana faruwa a wasu wurare biyu da ya kamata ki sani. Ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar takan taru a bangon baya na maƙogwaro, sai yaro ya sandare wuya ko ya karkatar da kai gefe, ya ƙi ɗaga kai ya kalli sama ko da an nuna masa abin wasa. Ga manya kuma takan taso daga ruɓaɓɓen haƙorin turmi na ƙasa, ƙarƙashin haɓa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago sama. Ba a gasa wannan da ruwan zafi a jira ya nuna, domin harshen ne ke komawa baya ya toshe hanya.

Mashaƙo kuwa dole in tsaya a kansa, tun da daga ƙarshen 2022 ya dawo da ƙarfi, Kano ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, ya kuma taɓa Yobe da Katsina da Bauchi da Borno, har da yankin Damagaram a Nijar. Shi ba ya zuwa da hayaniya irin ta kumburin murfin maƙoshi. Zazzaɓinsa sau da yawa kaɗan ne, ciwon wuyan ma ba lallai ya yi tsanani ba, amma yaron yakan yi laushi fiye da yadda zazzaɓin ya isa ya sa shi. Cikin kwana biyu zuwa uku wata fata mai kauri, fara mai ratsin toka, takan shimfiɗu a kan tonsil ta haura zuwa beli da bayan maƙogwaro. Ta bambanta da fararen ɗigo-ɗigon da ake gani a ciwon tonsil na yau da kullum, domin ita a manne take kamar an liƙa, idan an kankare ta sai jini. Kaluluwar wuya da naman da ke kewaye da ita sukan kumbura har wuya ya cika ya haɗe da muƙamuƙi. Fatar tana iya gangarawa cikin bututun iska, ko wani yanki ya ɓalle ya toshe shi, don haka kada a goge ta da tsumma ko yatsa kamar yadda wasu ke yi.

Haɗarin mashaƙo na biyu dafi ne da ƙwayar ke saki cikin jini, wanda ke taɓa zuciya bayan mako ɗaya zuwa biyu, ya taɓa jijiyoyi bayan haka, har a ga ruwa na dawowa ta hanci ko ƙafafu sun yi rauni lokacin da ake ganin yaro ya warke. Akwai allurar karya dafin, amma tana kama wanda ke yawo a jini ne kawai, wanda ya riga ya shiga tsokar zuciya ya wuce ta. Wannan ne ya sa ake yin ta da zarar likita ya yi zato ba tare da jiran sakamakon gwaji ba, kuma ya sa kwana biyun da aka ɓata ana shan maganin kemis suke da tsada. Ana haɗa ta da fenisilin ko eritiromaisin na kwana 14, a keɓe mara lafiya, a ba mutanen gidan maganin kariya da rigakafi. Ko da magani, kusan mutum 5 zuwa 10 cikin 100 ba sa tsira, kuma adadin ya fi haka ga ƙananan yara.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ya bayyana, ki bar yaron a zaman da ya zaɓa wa kansa, ki ɗauke shi a zaune a jikinki, ko a mota ko a adaidaita sahu, kada a goya shi a baya inda ba ki ganin fuskarsa, kada a shimfiɗe shi a kujerar baya. Kada a ɗura masa ruwa ko magani ko jiƙo, kada a sa masa yatsa ko cokali a baki, kada a turara masa hayaƙi. Ki wuce kemis da ƙaramin asibitin unguwa idan akwai babban asibiti mai ɗakin tiyata da za a iya kaiwa, domin abin da ake bukata shi ne wanda zai iya sa bututun numfashi. Idan kun isa, kada ki tsaya layin yankar kati ki ce yaro na ciwon wuya. Ki nufi sashen gaggawa ki ce wa ma'aikacin jinya na farko da kika gani, “Ba ya iya haɗiye miyansa, numfashinsa na ƙara.” Ki tafi da kwalaben duk maganin da aka ba shi da katin rigakafinsa.

Katin nan kuma, tun da yaranki lafiya suke yanzu, ki ɗauko na dukkan ukun ki duba ko akwai Penta sau uku a kowanne, domin allurar guda ce ke kare mashaƙo da ƙwayar Hib. Idan da giɓi, ki kai su asibitin da ake rigakafi a cike, har da mai shekara bakwai, wanda za a yi masa allurar mashaƙo da tetanus irin ta manyan yara.